Ajiyar Wa'adi a Banki: Me Ke Faruwa da Kuɗinka Ranar da Kwanaki Suka Cika?

Duk wanda kuɗi masu ɗan kauri suka taɓa kwana a asusunsa ya san kiran nan. Kwana biyu da shigarsu sai waya ta yi ƙara, ma'aikacin banki ya gaishe ka da ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, kuɗin nan da suke zaune haka kawai, me zai hana mu sa maka su a fikis?" Fikis ɗin da yake nufi ita ce ajiyar wa'adi: ka ba banki kuɗinka na wasu ƙayyadaddun kwanaki, ka yi alkawarin ba za ka taɓa su ba, shi kuma ya yi alkawarin mayar maka da su tare da ƙarin da kuka yi ittifaƙi a kansa. A bankunan Nijeriya wa'adin yakan kasance kwana 30, 60, 90, 180 ko shekara guda.

Ranar buɗe ajiyar kowa idonsa a buɗe yake. Ana ciniki a kan kashi nawa za a bayar, ana kwatanta na wannan banki da na wancan. Abin da ke damuna shi ne, da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai faru ranar da kwanakin suka cika, alhali a nan ne mafi yawan asarar take. Akwai wani ɗan layi a ƙasan fom, wanda mutane kan bari ma'aikacin banki ya cike musu, kuma shi ne ke yanke hukuncin inda kuɗin za su nufa a wannan rana.

Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya sayar da masarar da ya adana, a farkon damina lokacin da farashi ya ɗaga, ya samu naira miliyan 5 a hannu. Ba zai sake sayen kaya ba sai kaka. Ranar 1 ga Yuli ya sa kuɗin a ajiyar kwana 90, a kan kashi 15 cikin ɗari. Alkaluman nan na misali ne, domin abin da banki ke bayarwa yana hawa yana sauka, amma yadda ake lissafin bai canzawa.

Kuskuren farko da ake yi yana cikin jin wannan kashi 15. Mutum ya ji haka sai ya ɗauka naira 750,000 za a ƙara masa bayan kwana 90. Ba haka ba ne. Kason na shekara ne, shi ya sa za ka ga an rubuta p.a. a gefensa a takarda. Banki yana raba na shekarar gida 365, ya ba ka na kwanakin da kuɗinka suka yi a wurinsa. Naira 750,000 a raba 365, kowace rana tana kawo naira 2,055 ko kusa da haka, kwana 90 kuma su ba da naira 184,932. Daga nan sai a cire harajin gwamnati, kashi 10 cikin ɗari na ruwan, wato naira 18,493. Banki ne ke cirewa ya miƙa, ba ya jiran ka kai da kanka. Abin da ya rage wa ɗan kasuwar namu shi ne naira 166,438. Ranar cikar wa'adi, ke nan, yana da naira 5,166,438.

To wace rana ce ranar? A ransa shi wata uku ya yi, don haka ya sa 1 ga Oktoba a zuciyarsa. Banki kuwa ba ya ƙirga wata, kwana yake ƙirgawa. Yuli da Agusta kowanne kwana 31 ne, saboda haka kwana 90 daga 1 ga Yuli suna cika ne ranar 29 ga Satumba. Tazarar kwana biyu ce kawai, amma ta isa. Ga shi kuma 1 ga Oktoba ranar hutun 'yancin kai ce, banki a rufe. Kafin ya taka ƙofar banki, na'ura ta riga ta yi aikinta kwana uku da suka wuce. Idan kuma ranar cikar ta faɗo a Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, bankuna da yawa sukan matsar da ita zuwa ranar aiki ta gaba. Ainihin ranar tana rubuce a takardar shaidar ajiyar, a wurin da aka sa Maturity Date, kuma ita ce abin dogaro, ba ƙirgar da mutum ya yi da yatsu ba.

Shiru ma magana ce

A ranar cikar wa'adi ba wani ma'aikaci ne zai zauna ya yi tunanin abin da ya fi maka alheri ba. Na'urar banki za ta duba umarnin da aka shigar tun ranar farko, ta aiwatar. Umarnin nan iri uku ne. Na farko, kada a sabunta: a zuba uwar kuɗi da ruwanta cikin asusunka na yau da kullum, magana ta ƙare. Na biyu, a sabunta uwar kuɗi kaɗai, ruwan a zuba maka a asusu. Na uku, a haɗa uwar kuɗi da ruwan a sake kulle su gaba ɗaya na wani sabon wa'adi irin na farko. Wannan sabuntawa ita ce za ka ga an rubuta Rollover a fom ko a manhajar banki ta waya, kalmar Principal tana nufin uwar kuɗi, Interest kuma ruwan.

Kowanne da wanda ya dace da shi. Ɗan fansho da ya ajiye giratutinsa, yana son ɗan abin cefane duk wata uku ba tare da ya taɓa uwar kuɗin ba, na biyu ne nasa. Wanda ya san ranar da zai buƙaci kuɗinsa, kamar mai biyan kuɗin makarantar yara ko ɗan kasuwarmu mai jiran kaka, na farko ne nasa. Na uku kuwa ana yawan kuranta shi, a ce ruwa zai haifi ruwa. Gaskiya ne yana haifa, amma mu duba girman ɗan. Naira 166,438 ɗin da aka ƙara kan uwar kuɗi, in ma an bar ta a kashi 15, abin da za ta kawo a kwana 90 na gaba bai wuce naira 6,200 ba kafin haraji. Sai an ɗauki shekaru kafin wannan ƙarin ya zama abin kirki.

Idan ba ka zaɓi komai ba fa? A nan ne ya kamata a natsu. Bankuna da yawa sun rubuta a cikin sharuɗɗansu cewa in babu umarni daga mai ajiya, za su sabunta masa da kansu a kan farashin da ake yi a wannan rana. Wasu kuma sukan mayar da kuɗin asusunka, in asusun na kasuwanci ne su zauna ba sa kawo ko kwabo. Ko ta wace hanya, shirunka an ɗauke shi a matsayin amsa.

Ka riƙe wannan jimlar da kyau: a kan farashin da ake yi a wannan rana. Kashi 15 ɗin da ɗan kasuwarmu ya samu alkawari ne na kwana 90, ya ƙare da ƙarewarsu. Sabuwar ajiya sabon ciniki ce. Kuma sau da yawa kason da aka ba mutum da farko na ciniki ne, ya samu ne don ya ja, ko don reshen bankin yana neman kuɗi ruwa a jallo a ƙarshen wata. Na'ura ba ta san wannan cinikin ba. Kason da ke cikin jadawalin banki za ta ɗauko, wanda yakan kasance ƙasa da na ciniki. Ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya kan caje-cajen bankuna ta bar ruwan ajiyar wa'adi a matsayin abin da ake daidaitawa tsakanin banki da mai ajiya, don haka babu dokar da aka karya in an sauke maka shi a sabon wa'adi. Dama ce aka ba ka ta yin ciniki duk lokacin da wa'adi ya cika, kuma wanda bai zo ba ya bar damarsa.

Shi kansa farashin kasuwa yana motsi da nisa. A Satumbar 2020 ma'aunin ruwa na Babban Banki yana kashi 11.5 ne, a Nuwambar 2024 ya kai 27.5. Wanda ya bar ajiyarsa tana ta juyawa da kanta tsakanin waɗannan shekaru bai taɓa leƙawa ba, zai iya tarar da cewa sabon shiga yana karɓar abin da ya fi nasa nesa ba kusa ba, a banki ɗaya, a kan kuɗi daidai da nasa.

Mu koma Dawanau. A fom ɗin ɗan kasuwarmu an zaɓi na uku. Ranar 29 ga Satumba na'ura ta sake kulle naira 5,166,438 na wasu kwana 90, zuwa 28 ga Disamba, wannan karon a kan kashi 9. Saƙo ya shigo wayarsa, ya ga alkalami ya ƙaru, ya yi hamdala ya mayar da wayar aljihu. Bai lura da kashi 9 ɗin ba, bai kuma lura da cewa sabuwar ranar ta tsallake lokacin sayen kayansa ba.

Kuɗin fasa alkawari

Tsakiyar Nuwamba sabuwar masara ta cika kasuwa, farashi ya kwanta. Ranar 18 ga wata, kwana 50 cif da sabuntawa, ya je ya ce a ba shi kuɗinsa. Za a ba shi. Ajiyar wa'adi ba kurkuku ba ce, ana iya fasa ta, galibi da rubutacciyar wasiƙa ko ta manhaja, wani bankin ya biya a ranar, wani ya nemi a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Sai dai akwai tara.

Tarar nan ba zalunci ba ce a asalinta, ya kamata a faɗi wannan. Banki ya ba ka fiye da abin da yake ba mai asusun ajiya na yau da kullum ne domin ka tabbatar masa kuɗin za su zauna, shi kuma ya juya su a rance ko a takardun lamunin gwamnati. In ka dawo tsakar rana ka ce a ba ka, dole ya nemo wasu kuɗin ya cike gurbi. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye girman tarar a cikin ƙananan rubutu, mutum bai san ta ba sai ranar da ya matsu.

Ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Wani banki yana yanke wani kaso na ruwan da ya taru, rubu'i ko rabi. Wani ya soke kason da kuka yi, ya sake lissafa kwanakin a kan wani kaso ƙasa da shi. Wani kuma ya ce ruwan gaba ɗaya ya tafi, musamman in ajiyar ba ta yi wata guda ba. A ce bankin ɗan kasuwarmu rubu'i yake yankewa. Ruwan kwana 50 a kan kashi 9 ya kama naira 63,696. An cire rubu'i, naira 15,924, sannan an cire haraji daga abin da ya rage. Ya tashi da naira 42,995.

Shi kuwa a lissafinsa, tunda yana ganin har yanzu kashi 15 ne kuma babu tara, naira 95,500 yake sa ran gani. Giɓin ya haura naira 52,000. Da za ka tambaye shi, tarar zai zaga, domin ita ce ya gani da idonsa a takarda. Amma in aka warware lissafin, tarar naira 14,000 da 'yan kai ta ci masa bayan haraji. Sauran naira 38,000 saukar kaso daga 15 zuwa 9 ne ya cinye su, tun ranar 29 ga Satumba, ba tare da ya ji ko ƙwar ba. Kiran waya ɗaya a makon da ya gabaci wannan rana zai iya ceto wani abu daga ciki.

Akwai kuma wani abin takaici. Kashi 9 da aka yanke wa rubu'i ya koma 6.75 ke nan. Tun Agustan 2022 Babban Banki ya mayar da mafi ƙarancin ruwan asusun ajiya na yau da kullum zuwa kashi 30 cikin ɗari na ma'auninsa. Lokacin da ma'aunin yake 27.5, wannan ya kama kashi 8.25, muddin mai asusun bai cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ba. Wato a irin wannan yanayi, da ya bar kuɗin a buɗe cikin asusun ajiya na waɗannan kwana 50, da ya fi samu, kuma da babu wanda zai roƙa kafin ya ɗauki abinsa.

Abu biyu suna ƙara wa tarar nauyi. Na farko lokaci. Tunda daga ruwan da ya taru ake yanka, fasawa a farkon wa'adi ba ta da zafi, a ƙarshensa ne take ciwo. Da ɗan kasuwarmu ya farga ranar 2 ga Oktoba ya fasa, ruwan kwana uku kaɗai tarar za ta shafa, abin da bai kai naira dubu ba, kuma ruwan wa'adin farko ya riga ya zama nasa. Saboda haka wanda ya tarar an sabunta masa ba da son ransa ba, ya yi gaggawar gyarawa, kada ya ce bari ya jira. Amma da a ce ya fasa ajiyarsa ta farko a kwana na 85, saura kwana biyar ta cika, rubu'in ruwan da ya taru ya kai naira 43,664. A irin wannan hali, roƙon mai kaya ya yi haƙurin mako guda ya fi arha.

Na biyu, fasawa ba ta cika yin rabi ba. Kana buƙatar naira 500,000 daga cikin miliyan 5, amma bankuna da yawa za su fasa ajiyar ce gaba ɗaya, su ci tarar duka, sannan su buɗe maka sabuwa da ragowar a kan farashin ranar. Maganin wannan tun ranar farko ake yin sa: a raba kuɗin. Da miliyan 5 ɗin an yi musu ajiya biyar ta miliyan ɗai-ɗai, fasa guda a kwana na 85 naira 8,733 zai ci, sauran huɗun su ci gaba da kwanansu. In ka so ma ka bambanta wa'adinsu, wata kwana 30, wata 60, wata 90, ta yadda kowane wata akwai wadda ke cika. Abin lura kawai, banki yakan ba babban kuɗi kaso mafi tsoka, sai ka nemi a ba ka kason jimillar tunda duk a wurinsu suke.

Ana yawan cewa tara ba ta taɓa uwar kuɗi. Galibi haka ne, amma akwai inda mutum zai ga uwar kuɗinsa ta dawo a gutsure: ajiyar da ake biyan ruwanta tun a ranar farko. A ce miliyan 5 na shekara guda a kan kashi 15, aka miƙa maka naira 675,000 nan take bayan haraji, ka kashe. In ka dawo a kwana na 100 ka fasa, ruwan da kuɗinka suka haifa bai wuce naira 205,479 ba. Ragowar da ka karɓa, kimanin rabin miliyan, bashi ne a kanka, kuma daga uwar kuɗin za a zare shi kafin a zo maganar tara.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba sa kusantar ajiya mai ruwa, saboda hukuncin riba a Musulunci, kuma wannan matsayi ne da malamai suka yi bayaninsa filla-filla. Irin waɗannan sukan nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya. A can ajiyar wa'adi kan ginu ne a kan mudaraba: kai ne mai jari, banki ne mai juyawa, abin da ake yankewa tun farko shi ne yadda za a raba riba, ba adadin da za ka samu ba. Alkalamin da za a faɗa maka hasashe ne. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki, domin wa'adi yana cika a can ma, ana sabuntawa, kuma wanda ya janye jarinsa kafin lokaci ba zai samu ribar wanda ya cika alkawari ba. Tambayoyin da ke kan wancan suna kan wannan.

Sabuntawar da ba a dubawa tana da wata illa da ba a cika kawowa ba. Hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, NDIC, ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a shekarar 2024, na ƙananan bankuna kuma zuwa miliyan 2. Iyakar ta mutum ɗaya ce a banki ɗaya, a haɗa duk asusunsa. Da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni 2024, da wannan iyaka aka fara biyan mutane, masu fiye da haka kuma suka shiga jiran a sayar da kadarori a karɓo basussuka. Ɗan kasuwarmu ya fara da miliyan 5 daidai, yana cikin inuwa. Ranar da aka haɗa masa ruwa aka sabunta, ya fara leƙawa waje, kuma kowane zagaye yana ƙara fitar da shi.

Sai maganar da ba ma son yi. Ajiyar da aka ce ta riƙa sabunta kanta ba ta san mai ita ya rasu ba. Za ta ci gaba da juyawa, saƙo yana shiga layin wayar da aka rufe, magada suna rabon abin da suka gani a fili, wannan kuwa babu wanda ya san da ita. Haƙƙin marayu ne ke kwance a nan. Takardar shaidar ajiya ba abin jefawa a cikin mota ba ce, a ajiye ta tare da takardun gida da na gona, kuma a samu mutum ɗaya amintacce da ya san tana nan.

In kana da ajiyar wa'adi a yanzu, ɗauko takardar yau ɗin nan ka nemo ranar cikarta, ka sa wa wayarka tunatarwa mako guda kafin ta. A wannan makon ka kira bankin ka tambayi kason da za su ba ka in ka sabunta, ka tambayi na wani bankin, sannan ka ba da umarninka a rubuce ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. In kuwa sabuwa za ka buɗe, kada ka sa hannu sai an nuna maka da yatsa inda aka rubuta tarar fasawa, kuma layin sabuntawar nan ka cike shi da hannunka.